Sifiri bisa sifiri: yadda nake fitar da (x − a) in soke shi

Wannan limit ɗin na rubuta a tablo ga rukunin ƴan Tarminal D da ke taruwa bayan Magariba a unguwar Zariya, a nan Maradi, suna shirin bak:

```
f(x) = (2x³ − 3x² − 11x + 6) / (2x² − 5x − 3)
lim f(x),  x → 3
```

Abin da na fara yi shi ne na sa 3 a gurbin x, sama daban, ƙasa daban. Ba na tsallake wannan matakin ko da ido ya nuna mini amsar da zai bayar. A sama na samu 54, na cire 27, na cire 33, na ƙara 6, sai sifiri. A ƙasa na samu 18, na cire 15, na cire 3, nan ma sifiri. Da ƙasan ya ba da wata lamba da ba sifiri ba, da aiki ya ƙare nan take, a raba a rubuta amsa. Da kuma ƙasa kaɗai ya zama sifiri, sama ya ba da lamba, da wata hanya za a bi, ta duba alama hagu da dama. Amma yanzu duka biyun sun mutu a wuri ɗaya, wato abin da ake ce wa fom endetarmine a aji.

Na tambaye su nawa ne sifiri bisa sifiri. Wani saurayi ya ce ɗaya, tunda duk abin da aka raba da kansa ɗaya yake bayarwa. Wata ta ce sifiri, tunda sama sifiri ne. Na rubuta musu fonksiyo uku a gefe: 5x/x, da x²/x, da x/x³. In x ya nufi sifiri, kowace daga cikinsu sifiri bisa sifiri take bayarwa, amma ta farko tana zaune a kan 5, ta biyu tana gangarawa zuwa 0, ta uku kuwa tana hawa ba tsayawa. Siffa ɗaya, amsa uku. Don haka in ka rubuta 0/0 a buruyo, ba ka samu amsa ba tukuna, ka dai san irin aikin da ke gabanka.

A polinom kuwa, wannan siffar tana ba da labari mai amfani ƙwarai. In ka raba polinom P(x) da (x − a), kullum za ka iya rubuta shi kamar haka, inda R lamba ce zalla:

```
P(x) = (x − a)·Q(x) + R
```

Sa a a gurbin x, bakan farko ya zama sifiri, sai P(a) = R. Ma'ana ragowar rabawa ita ce daidai abin da ka samu lokacin da ka sa lambar. Tunda saman f ya ba da sifiri a kan 3, ragowa sifiri ce, (x − 3) yana raba shi ba saura. Haka ƙasan. Ke nan ba lalube nake yi ba in na ce akwai (x − 3) sama da ƙasa. Lissafin da na yi na minti ɗaya ya riga ya tabbatar da shi. Wannan ne wurin da ɗalibai da yawa ke ɓata lokaci, su zauna suna gwada 1, −1, 2, −2 don neman rasin na polinom mai digire 3, alhali tambayar da kanta ta miƙa musu rasin ɗin a ƙarƙashin kalmar lim.

Na fara da sama, shi ne mai nauyi. Hanyar da na fi so a tablo ita ce jadawalin Horner, mai sunan wani malamin lissafi Bature ɗan Ingila da ya wallafa ta a 1819. Ana jera kowefisiyan daga babban digire zuwa ƙarami, a ajiye 3 a gefe:

```
      2   −3   −11    6
3          6     9   −6
      2    3    −2    0
```

Na sauko da 2 yadda yake. Na ninka shi da 3, ya ba da 6, na rubuta ƙarƙashin −3, na tara, ya ba da 3. Na ninka wannan 3 da 3, ya ba da 9, na tara da −11, ya ba da −2. Na ninka −2 da 3, ya ba da −6, na tara da 6, sifiri. Wannan sifirin na ƙarshe shi ne ragowa, kuma shi ne shaidata. Tunda na riga na san dole ragowa ta zama sifiri, in na ga 4 ko −12 a wurin, ba na ci gaba. Akwai kuskuren tarawa ko na alama a cikin jadawalin, sai in koma. Lambobi uku na farko a layin ƙasa, 2 da 3 da −2, su ne kowefisiyan na abin da rabawar ta bayar, kuma digirensa ya ragu da ɗaya: 2x² + 3x − 2.

Wanda bai saba da jadawalin ba yana iya bin hanyar daidaita kowefisiyan. Ya rubuta (x − 3)(ax² + bx + c), ya buɗe baka, ya kwatanta da polinom na asali. Mai x³ ya ba shi a = 2. Lambar ƙarshe ta ba shi −3c = 6, wato c = −2. Mai x² ya ba shi b − 3a = −3, wato b = 3. Saura layi ɗaya bai yi amfani da shi ba, na mai x, wanda ke cewa c − 3b = −11. Da shi ake dubawa: −2 a cire 9, −11 ne cif. Abubuwa uku ake nema, layi huɗu ake da su, na huɗun kyauta ne don kama kuskure, amma sau da yawa sai ka ga an bar shi ba a taɓa ba.

Wata yarinya ta ce, “Mushe, a ci gaba da faktorize 2x² + 3x − 2 ɗin?” Na ce mata ta sa 3 a ciki ta gani. Ta samu 18 da 9 a cire 2, wato 25. Tunda ba sifiri ba ne, babu sauran (x − 3) a ciki, ba ruwanmu da shi. Gaskiya ne yana rabuwa zuwa (2x − 1)(x + 2), amma wannan ba ya ƙara komai ga limit a kan 3. A ɗakin jarrabawa minti biyar ɗin da za a kashe a kansa sun fi amfani a wata tambayar.

Sai ƙasa, 2x² − 5x − 3. Hannun kowa ya tafi ga delta, don shi aka fi horar da su a kai tun Segwand. Na bar su suka yi: 25 a ƙara 24, delta 49, rasin biyu su ne 3 da −1/2. Har nan lafiya. Matsalar tana zuwa a layi na gaba, inda da yawa suka rubuta (x − 3)(x + 1/2). An yar da 2 ɗin da ke gaban x². Ƙa'idar ita ce a(x − x₁)(x − x₂), a ɗin ba ado ba ne. In ka buɗe (x − 3)(x + 1/2) za ka samu x² a gaba, ba 2x² ba, wato rabin abin da aka ba ka. Rubutun daidai shi ne 2(x − 3)(x + 1/2), ko a shigar da 2 cikin baka na biyu ya zama (x − 3)(2x + 1).

Ni kam ban taɓa delta ba a nan. Na san (x − 3) yana ciki, don haka na rubuta shi, na buɗe baka na biyu babu komai a ciki. Me zan ninka da x in samu 2x²? 2x. Me zan ninka da −3 in samu −3? +1. Na samu (x − 3)(2x + 1), sannan na duba tsakiya: x a cire 6x, −5x ne. Layi ɗaya ke nan, kuma ta wannan hanya 2 ba ya iya ɓacewa, don da shi aka fara.

Yanzu aka zo wurin sokewa, kuma ga yadda na rubuta shi:

```
x ≠ 3, x ≠ −1/2 :
f(x) = (x − 3)(2x² + 3x − 2) / [(x − 3)(2x + 1)]
     = (2x² + 3x − 2) / (2x + 1)
```

Na daɗe a kan layin farko, mai x ≠ 3, don a nan ne hujjar aikin duka take. Soke faktar sama da ƙasa raba su ne da wannan faktar, kuma ba a raba abu da sifiri. A kan x = 3 daidai, (x − 3) sifiri ne, sokewa haramun ce. Abin da ya halatta ta shi ne limit ba ta tambayar abin da ke faruwa a kan 3. Tana tambayar inda f(x) ta nufa lokacin da x ke matsowa kusa da 3 ta hagu da ta dama. A kan 2,99 ko 3,001, (x − 3) ƙaramar lamba ce amma ba sifiri ba, ana iya raba ta da kanta a samu 1. Fonksiyo ta asali da wadda aka sauƙaƙa suna ba da lamba ɗaya a ko'ina in ban da a kan 3 kaɗai, inda ta asali ba ta da ƙima, sabuwar kuwa tana da ita. Tunda limit maƙwabtan 3 take kallo, duka biyun limit ɗinsu ɗaya. Wanda ya soke bai rubuta wannan sharaɗin ba ya ce fonksiyo biyu daidai suke a wurin da ɗaya ma ba ta wanzu ba, kuma mai gyaran takarda yana da hakkin ya rage masa maki.

Bayan sokewa na sake sa 3. Sama 25, ƙasa 7. Limit ɗin 25/7 ne, kusan 3,571. Waɗanda suka yar da 2 sun samu 25 bisa 3,5, wato 50/7, ninki biyu na amsar gaskiya. Ban ce musu komai ba, na ce kowa ya ɗauko kalkilatiris ya sa 3,01 a cikin f ta asali, wadda ba a taɓa ba. Sama ya ba da 0,251502, ƙasa 0,0702, rabawa ta ba da kusan 3,583. Da 2,99 aka samu kusan 3,560. Lambobi biyun sun sa 3,571 a tsakiya, babu wadda ta doshi 7. Dole ne a yi wannan gwajin da fonksiyo ta asali. In ka gwada a kan wadda ka sauƙaƙa, kuskurenka kake tambaya ko yana da gaskiya, kuma zai ce maka e.

Akwai iyaka ga wannan dubawar. Wani ya ce bari ya matsa sosai, ya sa 3 da sifirori da yawa sannan 1 a ƙarshe. Kalkilatiris lambobi ƙayyadaddu take riƙewa, kuma a sama ana cire manyan lambobi masu kusan zama daidai daga juna, 60 da ɗan abu a cire 60 da ɗan abu. In ka matsa fiye da kima, ɗan bambancin da ake nema yana faɗawa cikin abin da injin ya yanke, sai ta nuna lamba marar kan gado ko ta ce kuskure. Tazarar 0,01 ko 0,001 ta isa. Sannan gwajin ba hujja ba ce da za a rubuta a takardar jarrabawa, na buruyo ne.

A zane, abin da muka samu yana nufin layin f yana tafiya sumul ta wajen x = 3, sai dai akwai ɗigo ɗaya da babu, a kan (3 ; 25/7). Kamar giɓi ne a jerin haƙora, na hagu da na dama suna nuna inda wanda ya fita ya kamata ya tsaya. In aka cike gurbin da 25/7 an samu abin da littattafan Tarminal ke kira tsawaita fonksiyo ta hanyar kwantinuwite. Na nuna musu ɗaya lambar da aka hana, −1/2, don su ga bambanci. A can ƙasa sifiri ne, amma sama ya ba da 10,5. Babu faktar ɗin da za a soke, layin yana tashi sama ta gefe ɗaya, yana nutsewa ta ɗaya gefen, wato asamtot a tsaye. Lambobi biyu aka hana a fonksiyo ɗaya, ɗaya rami ne ɗan ƙarami, ɗaya asamtot, kuma sa lambar a sama ne kawai ya bambanta su.

Misali na biyu na zaɓe shi ne don sokewa ɗaya ba ta isarsa:

```
g(x) = (x³ − 3x² + 4) / (x³ − 2x² − 4x + 8),  x → 2
```

Sama: 8 a cire 12 a ƙara 4, sifiri. Ƙasa: 8 a cire 8 a cire 8 a ƙara 8, sifiri. A jadawalin sama akwai tarko. Polinom ɗin ba shi da mai x, don haka kowefisiyan ɗinsa huɗu ne, 1, −3, 0, 4, ba uku ba. Wanda ya jera 1, −3, 4 kawai zai ƙare da ragowa 2, kuma in yana lura, wannan 2 ɗin zai gaya masa ya ɓata, tunda ya san ragowa sifiri ce. Da sifirin a wurinsa:

```
      1   −3    0    4
2          2   −2   −4
      1   −1   −2    0
```

Sama ya zama (x − 2)(x² − x − 2). Ƙasa ba ya ma bukatar jadawali, ana haɗa shi biyu-biyu: x² a fitar daga biyun farko, −4 daga biyun ƙarshe, sai (x − 2) ya fito a kowane, a samu (x − 2)(x² − 4). Na soke, na sake sa 2. Sama, 4 a cire 2 a cire 2, sifiri. Ƙasa, 4 a cire 4, sifiri. Wani ya ajiye bik ya ce, “Mushe, wannan ba ta da limit ke nan.” Na ce masa, “Kai, me sifiri a sama ya gaya maka ɗazu?” Ya ce akwai (x − 2). Na ce to yanzu ma shi yake gaya maka. x² − x − 2 ya rabu zuwa (x − 2)(x + 1), x² − 4 kuma (x − 2)(x + 2). Na soke karo na biyu, ya rage (x + 1)/(x + 2), wanda a kan 2 ya ba da 3/4. Ba za a yi ta zagaye har abada ba, don kowace sokewa tana rage digire da ɗaya sama da ƙasa. Dole a kai inda aƙalla ɗayansu ya daina ba da sifiri.

Daga nan ne ake ganin abin da ke yanke hukunci a kowace irin wannan limit: sau nawa (x − a) ya shiga sama, sau nawa ya shiga ƙasa. A f sau ɗaya-ɗaya ne, a g sau biyu-biyu, shi ya sa duka suka ba da lamba da ba sifiri ba. Don su ga sauran fuskokin, na ɗauki x³ − 3x² + 4, wanda yanzu mun san (x − 2)²(x + 1) ne, na ɗora shi a kan x² − 4. Sama yana da biyu, ƙasa ɗaya. Bayan sokewa (x − 2) ɗaya ya rage a sama, limit ɗin sifiri. Sannan na kifar da ita, na sa x² − 4 a sama:

```
h(x) = (x² − 4) / (x³ − 3x² + 4)
     = (x + 2) / [(x − 2)(x + 1)],   x ≠ 2, x ≠ −1
```

Yanzu sama yana nufar 4, ƙasa yana nufar sifiri. Wannan ba sifiri bisa sifiri ba ce kuma, kada a ci gaba da neman abin sokewa, babu. Kada kuma a rubuta ∞ tsirara a tashi. Ana duba alama. Kusa da 2, (x + 2) da (x + 1) duka sun fi sifiri, don haka (x − 2) kaɗai ke juya alamar. In x ya fi 2 kaɗan, ƙasa ƙaramar lamba ce sama da sifiri, h tana tafiya +∞. In x bai kai 2 ba, ƙasa ƙaramar lamba ce ƙasa da sifiri, h tana tafiya −∞. Kalkilatiris ta nuna kusan 133 a kan 2,01, da kusan −133 a kan 1,99. Hagu da dama ba su haɗu ba, don haka a kan 2 babu limit guda. Ana rubuta ta hagu daban, ta dama daban. Da (x − 2)² ne ya rage a ƙasa, da alamar ba ta juya ba, gefe biyun su tafi wuri ɗaya. Shi ya sa nake cewa a ƙirga abin da ya rage a ƙasa, a ga ko mara ne ko cika.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi a takardu ba a cikin jadawali yake ba, a sokewar kanta yake. Ga wanda na ba su da gangan:

```
(x² − 9) / (x² − 3x),  x → 3
```

Akwai x² sama, akwai x² ƙasa, hannu yana ƙaiƙayi. Wasu suka ja layi a kan su biyun, ya rage −9 bisa −3x, suka sa 3, suka samu 1. Amsar tana da kyan gani, amma ba ita ba ce. x² a nan ba a ninka yake da sauran ba, cirewa ce ke tsakaninsu, kuma abin da aka ninka kaɗai ake sokewa. Na nuna musu da lamba zalla: (4 + 2)/(4 + 8) rabi ne, amma in ka soke 4 da 4 za ka samu 2/8, rubu'i. Hanyar daidai, sama (x − 3)(x + 3), ƙasa x(x − 3), a soke baka sukutum, ya rage (x + 3)/x, limit ɗin 2. A kan 3,01 fonksiyon ta ba da kusan 1,997. Dokar da nake bi ita ce ba na jan layin sokewa sai sama duka ya zama ninki, ƙasa duka ya zama ninki, babu alamar tarawa ko cirewa a wajen baka.

Sai alamar cirewa, wadda ke shiga ta hanya biyu. Ta farko ita ce in faktar ya zo a juye. A (9 − x²)/(x − 3), sama (3 − x)(3 + x) ne. (3 − x) da (x − 3) ba abu ɗaya ba ne, kishiyoyin juna ne, rabawarsu −1 take bayarwa. Ni ina rubuta 3 − x = −(x − 3) a fili kafin in soke, sai −(x + 3) ya rage, limit ɗin −6. Wanda ya soke su kai tsaye zai samu 6. Ta biyu ita ce in lambar da x ya nufa tana ƙasa da sifiri. In x → −2, faktar ɗin (x + 2) ne, amma lambar da ake ajiyewa a gefen jadawalin Horner −2 ce. Ana yawan musanya su, a sa 2 a jadawali, sai ragowa ta ƙi zama sifiri, ɗalibi ya zaci tambayar ce ba daidai ba.

Ga waɗanda suka riga suka iya deribe, akwai wata dubawa mai sauri. In P(x) = (x − a)·Q(x), deribe ɗinsa Q(x) ne a ƙara (x − a)·Q′(x), don haka P′(a) = Q(a). Ma'ana deribe a kan a yana ba da daidai lambar da ke ragewa bayan an fitar da (x − a). A f, deribe na sama 6x² − 6x − 11 ne, a kan 3 ya ba da 54 a cire 18 a cire 11, wato 25. Na ƙasa 4x − 5 ne, ya ba da 7. Ga 25 ɗinmu ga 7 ɗinmu, ta wata ƙofa daban. Wannan ita ce ƙa'idar da ke ɗauke da sunan L'Hôpital, wadda ta fito a littafinsa a 1696. A lura, sama ake yi wa deribe shi kaɗai, ƙasa shi kaɗai, ba deribe na rabawa ba. Ni ina barin ta a buruyo, a takarda kuwa in rubuta faktorizasiyon, don ita ce ke nuna inda ramin yake, kuma tambayoyin da ke biyo baya a kan asamtot da jadawalin alama duk da ita ake amsa su.

Hanyar tana da bakin iyakarta. Duk hujjar ta tsaya ne a kan cewa sama da ƙasa polinom ne. In ka ga (√(x + 1) − 2)/(x − 3) a kan 3, sifiri bisa sifiri ne, amma jadawalin Horner ba shi da abin jerawa a sama. Sai an ninka sama da ƙasa da √(x + 1) + 2 sannan (x − 3) ya bayyana, a samu 1/4. A sin x / x kusa da sifiri babu faktar ɗin da za a fitar ko kaɗan, sananniyar limit ce da ake kafawa ta wata hanya. In kuma x yana tafiya +∞ ne, babu wani a balle (x − a). Can ana fitar da x mai babban digire ne sama da ƙasa. Na ga takardun da aka yi jadawalin Horner a tambayar x → +∞, don kawai an ga polinom bisa polinom, ba a karanta abin da ke ƙarƙashin lim ba.

Kafin a tashi na bar musu wannan su yi a kaye, ba tare da delta ba:

```
(x³ + 8) / (3x² + 5x − 2),  x → −2
```

Kowefisiyan na sama 1, 0, 0, 8 ne, sifiri biyu a tsakiya, lambar gefe −2. Layin ƙasa na jadawalin zai ba da 1, −2, 4, 0, wato x² − 2x + 4, wanda a kan −2 ya zama 12. Ƙasa (x + 2)(3x − 1) ne, baka na biyu ya ba da −7. Wanda ya samu −12/7 ya sa −1,99 a fonksiyo ta asali, zai ga kusan −1,713.